AirPods Pro 2: na asali ko kwafi?

"'Yan uwa, wani mai shago ya nuna min AirPods Pro 2 iri biyu, kwalinsu ɗaya amma kuɗinsu ya yi nisa da juna. Ya ce bambancin ba wani abu ba ne. Yaya zan gane na asali, kuma wanne zan ɗauka?"

Malam, ɗauki na asali in aljihu zai iya. Nawa tun 2023 nake fama da shi, ya sha faɗuwa a kan siminti, amma har yau murfin gidan cajinsa da ƙarar "ƙas" yake rufuwa kamar ranar da na saya. Ko a cikin adaidaita sahu na kunna mai rage hayaniya sai in ji karatu tas. Kwafin kuwa yana fitar da sauti, iyakarsa ke nan.

Fara da gidan cajin. Riƙe murfin ka motsa shi hagu da dama: na asali ba ya yin kwal-kwal, mahaɗinsa na baya ƙarfe ne da ya zauna daidai da jikin. A kwafi sau da yawa roba ce aka yi wa fenti, in ka bi bakin murfin da farce za ka ji kaifi. Duba 'yar fitilar gaba ma, ta kwafi haskenta yakan malala cikin robar.

Sai ka juya kowane ɗan kunne. A ƙarƙashinsa, kusa da inda ƙafar ta haɗu da kan, akwai ƙananan rubutu mai launin toka, siriri, ba ya dameji. Mai cajin Lightning lambobinsa A2698 da A2699, gidansa A2700. Mai USB-C kuwa A3047 da A3048 ne, gidansa A2968. In ka ga ramin USB-C amma an rubuta A2700, ajiye masa kayansa. Baƙar ragar jikinsa ma ka matso da ita kusa da ido: raga ce ta gaske, ko zane kawai?

Kwali shi ne ya fi ruɗar mutane. Lambar serial da ke kan takardar kwalin dole ta zama ɗaya da ta cikin murfin da wadda wayarka ta iPhone za ta nuna a Settings > Bluetooth in ka taɓa alamar ⓘ.

Ka yi hattara da mai shagon da zai yi saurin buɗe maka checkcoverage.apple.com, shafin Apple na duba lambar serial, ya ce ga shi ya fito. Masu kwafi sukan ɗauki lambar na gaske guda ɗaya su buga a kwalaye barkatai. Ka ce ya sauko da kwali biyu ka gwada lambobinsu: in lamba ɗaya ce a kansu, akwai kwafi. In ya hana ka buɗewa ka haɗa da wayarka kafin ka biya, kama gabanka. Kuɗin bai kai ba? Gara ka sayi Oraimo ko Soundcore na gaskiya mai garanti.